Hoton da Aka Sa Baba a Ciki

A shekarar da na yi aure ne ƙanin kakarmu ya zo aikin hajji daga Kano, ya sauka gidan Baffa, yayan mahaifina, a unguwar Jarwal ta Makka. Kafin ya koma, Baffa ya tara mazan gidan ya kai su shagon mai hoto, don a kai wa Kaka ta ga zuriyarta. Baba ne kaɗai ba a gaya wa ba. Baffa ɗan kasuwa ne mai shagon yadi, Baba kuwa ruwa yake kai wa gidaje, garwa biyu a sanda, kafaɗarsa duk kanta.

Bayan wata biyu saƙo ya iso. Kaka ta ce ta duba hoton ba ta ga autanta ba, in ya mutu a faɗa mata. Baƙon ya rantse mata yana raye, ta ƙi yarda. Sake ɗauka ba zai yiwu ba tunda baƙon ya tafi. Sai Baffa ya aiko aka karɓi tsohon hoton fasfon Baba, bai ce don me ba.

Ni aka fara nuna wa abin da ya fito. An yanko kan Baba an ɗora a kan jikin wani mai alkyabba, an manna a gefe. Kan ya fi na kowa girma. Kowa haske ya bugo shi daga hagu, Baba kaɗai ta gaba, fuskar ba inuwa ko kaɗan, ga ta dishi-dishi saboda an faɗaɗa ɗan ƙaramin hoto. Hannayen ma ba nasa ba ne, sumul, har da zobe. Na ce wa Baffa a gaban 'ya'yansa, wannan ba ubana ba ne. Ya ce mace ba ta sa baki a maganar maza. Na ce to a bar min ubana a waje, ya fi wannan wulaƙancin.

Washegari na rufe fuskata, na ja Baba muka je shagon. Mai hoton bai yi musu ba. Cikin Larabci ya ce abin da aka kawo masa ke nan, kuma ya faɗa wa Baffa ba zai dace ba. In ana son gyara, sai an ɗauki Baba sabo, a tsaye a gaban labulen da aka ɗauki sauran, a lokacin da hasken taga yake shigowa ta hagu kamar ranar, kyamara a nisa ɗaya da tsayi ɗaya. Ya ɗauko wata alkyabba da yake ara wa mutane.

Baba ya dube ta, ya ce, "Ɗana, mayar da ita. Uwata ta san abin da ta haifa."

Haka ya tsaya da jallabiyarsa da ta koɗe.

Na koma sau da dama, don ban yarda da kowa ba. Mai hoton ya nuna min yadda yake ɗaga na'urar wanke hoto yana saukewa har tsayin kan Baba ya yi daidai da na wanda zai tsaya kusa da shi. Na farko ya fito ya fi sauran kaifi, kowane gashin gemu ana gani, sai ya ɗan sassauta madubin na'urar ya sake bugawa. Ya yanke shi da reza a karkace don bakin takardar ya yi siriri, ya shafa wa bakin tawada kada farin ya nuna, ya manna a jikin hoton mazan gidan. Da ɗan siririn buroshi ya zana inuwa a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya ce in babu ita mutum zai zama kamar yana shawagi. Sannan ya ɗauki hoton duka gaba ɗaya, ya wanke sabo.

Wallahi ba mai cewa Baba ba ya nan ranar. Baffa da ya gani ya ɓata rai saboda jallabiyar, ya ce za a ce ya bar ƙaninsa cikin tsumma. Ni na ce in za a faɗa, ai ba a yi ƙarya ba. Daga nan Baffa ya daina amsa gaisuwata.

Wani maƙwabci mai komawa gida Kano muka ba ya kai. Da amsa ta zo, an ce Kaka ta yi ta kuka tana sa wa Baffa albarka, wai ya riƙe ɗan'uwansa a kusa da shi a ƙasar mutane. Baba ya ce alhamdulillahi, hankalinta ya kwanta, ya hana ni aika mata da gaskiyar. Na bi maganarsa. Baffa ya sa aka yi wa nasa kwafin gilashi, ya rataye a majalisinsa, wato ɗakin baƙi, baƙi suna yaba zumuncin gidan. Har Baffa ya rasu ban sake zama a ɗakin nan ba.