Tankin Baba Mai Tsayi

Mahaifina maginin rumbu ne, kuma a ƙauyenmu na wajen Malbaza ba a taɓa jin rumbunsa ya faɗi ba. Wannan ya sa yake jin babu ginin da zai gagare shi.

Shekarar da na yi aure muka shuka irin albasa a fadama. Baba ya ce in albasa ta yi, ba zan tafi cin rani ba. Ni kuwa, da amarya a ɗaki, ko kasuwar Konni nisa take yi mini.

Muna da tankin siminti a garka, wato lambunmu na fadamar, mai faɗi, tsayinsa iya ƙugu. Awaki suna sha, yara suna wanka, Baba yana ta masifa. Ya rantse zai gina wani, rabin faɗin ƙasan wancan, tsayi ninki biyu.

Malamin gona ya biyo a kan babur, ya leƙa ramin ginin, ya ga daɓen ba kauri, ƙasar kuma taushi.

“Baba, ku ƙara kaurin gindin ga, ku sa ƙarhe.”

“Don mi? Ruwan da wancan ka ɗauka shi wanga za ya ɗauka.”

“Gaskiya na, in an haɗa nauyin da ka bisa gindin duka, ɗaya na. Amma ruwa da zurhi yaka danna ƙasa. Kun ninka zurhi, kowane tahin hannu na daɓen ga za ya ɗauki ninki biyu. Kuma haka yaka tura bango daga ƙasa.”

“Yaro, rumbun da nig gina ya hi wanga tsawo.”

“Damman hatsi ba su tura bango kamar ruwa, Baba.”

Baba ya yi masa godiya irin ta sallamar baƙo. Ni dai na goyi bayan Baba, don shi ke riƙe da zamana a gida.

Ranar cikawa muka tada injin ban ruwa. Har rabi lafiya lau, Baba yana zagaye yana shafa bango. Da ruwa ya kusa baki, toshiyar icen da ke bututun ƙasa, wadda ta shekara tana aiki a tsohon tanki, ta yi tsalle ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ban san tsohon yana da gudu haka ba. Kafin mu gama dariya gefe ɗaya na daɓen ya nutse cikin laka, bango ya tsage daga ƙasa, ruwan duka ya bi ta kan fangalin irin albasa ya kwashe shi.

Baba ya daɗe yana kallon laka. “Simintin bana ba shi da kyau,” ya ce, amma a hankali, kuma bai dube ni ba.

Lokacin sake shuka ya riga ya wuce. Da zan tafi Legas shi ya ɗauko mini jaka har bakin hanya, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba. Na so in yi fushi da shi, na kasa, tausayinsa ya fi ƙarfina. Amaryata kuwa ta tsaya a ƙofar gida, lallen biki bai gama fita daga ƙafarta ba.