Batulu da Baƙin Man Ukasha

Kusan duk bakanike a Kazaure ya san Batulu mai wankau, kuma ya san bakinta. Kayan gareji take wankewa, waɗanda sauran mata ke gudu. Takan kankare giris da bakin cokali, ta goga omo da ɗan ruwa a kan tabon, ta jiƙa cikin ruwan zafi, sannan ta cuɗa har kafaɗa ta yi tsami. Ba ta haɗa su da kayan kowa. Wanda ya ce ta sa fetur don sauri kuwa, a fuska take jefa masa rigarsa.

Ƙaninta Ukasha ɗan acaɓa ne, gaggawa ta yi masa yawa. Wata Asabar ya juye wa babur mai a tsakar gida, ya yi tuntuɓe da robar da ya tara tsohon man, baƙin mai ya malale a kan siminti har ya jiƙa masa wando.

"Zuba yashi da toka su shanye," in ji Batulu. "In an share, sai omo da ruwan zafi da buroshi."

"Yaya, wannan ai aikin yini ne."

"Ka taɓa jarkar fetur ɗin nan, sai na fasa maka kai!"

Tana shiga ɗaki ya tuttula fetur ya hau gogewa. Gida ɗaya muke zaune da su, har yau in na tuna raina ɓaci yake: ga tukunyar ruwanta a kan murhu, wuta na ci, ƙato da gemu bai gani ba! Tururin fetur ƙasa yake bi. Sai ji muka yi fuu! Wutar ta taso daga murhu ta kama wandonsa.

Ya zabura da ihu zai yi waje. Batulu ta fito ta tare shi ta kwashe masa ƙafafu, ya faɗi tim, haƙorinsa ya fita. Wata maƙwabciya ta ɗauko bokiti za ta sheƙa a ƙasa, Batulu ta daka mata tsawa: "Ruwa yaɗa ta zai yi! Yashi!" Ta ja shi gefe, ta danne shi da jiƙaƙƙen bargo, tana duka tana zagi. Inda bargon bai kai ba, da tafin hannu ta kashe. Mu kuma muka yi ta watsa yashi har wutar ta mutu. Warin ƙonannen nama ya cika gidan.

Ukasha ya warke, sai tabo a ƙwauri. Yatsun Batulu na dama kuwa sun ƙanƙance, ba sa miƙewa. Ran da ta dawo daga asibiti ta sa hannu cikin baho, ta kama riga za ta matse, rigar ta suɓuce ta koma ruwa. Sau biyu tana gwadawa. Ukasha ya durƙusa gabanta yana kuka.

"Rufe min baki," ta ce. "Ɗauki ka matse, masu kaya na jira."