Sin Ɗin Baba Duk da Safe

Mu 'yan fim muna kiranta Anti Jadawali, kuma ban taɓa jin ta ƙi amsawa ba. Idan aka miƙa mata rubutun fim, sai ta share teburin ofis, ta yi wa kowane sin, wato kowace fitowa, katinsa: inda za a ɗauka, ciki ne ko waje, dare ne ko rana, su wa ke ciki. Daga nan ta tara katunan kowane wuri a gefe guda, don a gama da gida ɗaya kafin a kwashe kaya. Ni mai kyamara ne, shekara tara ina bin takardarta, ba ta taɓa sa ni komawa wuri sau biyu ba.

A fim ɗin bara ne Baba, tsohon da ke fitowa a uban gida, ya fara kakarewa. Ranar farko da la'asar, magana layi uku ta gagare shi har sau goma sha ɗaya. Darakta ya ja Anti gefe, ina jinsu.

“Gobe in aka maimaita haka, sai dai mu nemo wani.”

“Ba ni zuwa anjima, ranka ya daɗe,” in ji ta.

Ashe ta lura da abin da ya wuce mu duka: da safe Baba bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai rana ta karkata kansa ke gajiya.

Ta zare katunansa goma sha huɗu. Shida na waje ne da rana, ta kai su farkon yini. Takwas na cikin ɗaki ne, biyar daga ciki a labari dare ne; ta ce a toshe tagogi da baƙin yadi, a kunna fitilu, a ɗauka da hantsi. Yamma ta cika ta da sin ɗin matasa. Falon da za mu gama a yini ɗaya ya koma safiya uku.

Na yi mita kamar bakina zai tsinke. Ɗaki a toshe, gumi har cikin takalmi, ga jidon fitilu kullum. Duk wanda ya tambaye ta dalili, sai ta ɗaure fuska ta ce mai gidan da muka ara don ɗaukar fim ne ba ya son hayaniya da yamma. Ban taɓa ganin ƙaryar da ta burge ni kamar wannan ba.

Baba ya kammala nasa a rana ta tara, doguwar magana shafi guda, a ɗauka ɗaya. Muka yi ta tafi. Ya zo wucewa ta gabanta tana soke katin ƙarshe, ya tsaya yana gyara hula.

“'Yata,” ya ce a hankali, “mai gidan nan abokina ne tun muna yara. Kurma ne.”

Anti ba ta ɗago kai ba. Ta dai ƙarasa soke katin.