Igiyar Baba

Barandarmu ta gidan haya a Kafanchan, in akuya ta kwanta a kai sai wutsiyarta ta leƙa waje. Ni da maƙwabcina, wani malamin firamare, muke raba ta. Yana zaune da matarsa da muke kira Madam, da mahaifinsa Baba, tsohon ma'aikacin reluwe da idonsa ya mutu.

A duk barandar ƙusa ɗaya ce tak, a jikin bango kusa da ƙofar Baba. Mai gida ya hana a buga wata, ko an buga ma sai ta lanƙwashe, filasta ta zubo. Daga ƙusar nan igiya ta miƙe zuwa sandar ƙarfe ta bakin matakala. Ita Baba ke bi da hannu ya sauka tsakar gida, ya je bayan gida, ya tafi coci, ba ya roƙon kowa.

Kirsimeti ta matso, 'yan zumuntar mata na cocinsu za su zo cin shinkafa, Madam ta ce sai an yi ado. Ta manna takardu masu launi da salatif, farar ƙasar bangon ta sake su tun kafin ta sauko daga kujera. Balan-balan da ta ɗaura kusa da kwanon rufi kuwa, rana na yi suka dinga fashewa, har kajin unguwa suka yi ƙaura. Sai idonta ya faɗa kan igiyar. Ta kwance bakin da ke jikin sandar, ta ɗaure shi can sama a ƙarfen taga, ta jera katunan gaisuwa da sauran balan-balan. Mijin ya ce tsoho fa? Ta ce ai ta gaya masa, kuma kwana nawa ne.

Ran Kirsimeti da safe Baba ya fito cikin farin kaftani. Ya kama igiya yana bi, igiya na hawa sama, shi ma hannunsa na hawa, kamar mai ba da shaida a coci. Ya saki, ya lalubi inda sandar take, ya taka iska. Sai cikin kwata, inda aka zubar da ruwan wankin kayan cikin akuya. Yara suka yi ta dariya har da birgima. Ina ciccibo shi, Madam na tsince katunan da suka zube tana hure musu ƙasa.

“Baba, ba na ce kada ka taɓa ba? Dubi aikin da ka mayar mini baya.”

“Yi haƙuri, 'yata,” in ji shi. “Na ɗauka tana nan inda take.”

Aka shigar da shi ɗaki, aka ba shi bokiti, aka ja ƙofa saboda baƙi. Matan zumunta suka zo, suka yaba ado, suka ce kamar a Kaduna. Bayan sabuwar shekara Madam ta ce barandar ta yi wa tsoho kaɗan, kada wata rana ya karye a ce ita ce. Aka ɗora shi a mota zuwa ƙauyensu wajen Kwoi.