Girar Auta

Tun da idon Inna ya tafi, fuskar mutum ɗaya kawai take shafawa a gidanmu, ta ƙanena Auta. Kullum da safe, kafin ya tafi ba tumatir ruwa, sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Ita kuma ta miƙa hannu ta lalubo goshinsa, ta bi girarsa da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta ɗan tsaya, sannan ta ce Allah ya yi albarka. Duk mun san dalili. Girar Baba ce a fuskarsa, baƙa ƙirin, mai kauri, a haɗe a tsakiya. Baba ya rasu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, don haka abin da ya rage wa Inna ke nan.

Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo gida, ina kitso da lalle. Shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu ne, kuma yayin siririyar gira ya kama 'yan mata kamar zazzaɓi. Yarinya za ta sa reza ta kwashe girarta tas, ta zana wata da jagira. Ta fita shanyar shinkafa, kafin azahar gumi ya wanke mata rabin ɗaya. Wallahi na sha ganin mace da gira ɗaya da rabi tana tafe tana yanga.

Gyaran gira da zare a Kura na koye shi, wajen wata mata 'yar Filato da muke kira Madam. Mijinta gyaran injin casar shinkafa yake yi, ita kuma tana da ɗan shagon gyaran gashi a bayan injin, inda ƙaiƙayi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa komai sharar da za a yi. Ta ce ita ma a gidan wata Ba'indiya ta koya, sanda ta yi aiki a cikin Kano. Zaren auduga take amfani da shi, don na roba yanka fata yake yi. A yanko kamar kamu ɗaya da rabi, a ƙulle bakinsa ya zama zobe, a murɗa tsakiyarsa sau takwas ko goma. In ka buɗe yatsun hannun dama ka tsuke na hagu, murɗin sai ya gudu, ya kama gashi ya tumɓuke shi har saiwa. A cinyata na koya, sai da na yi wata guda ina fisgar kaina kafin ta bar ni na taɓa fuskar mutum.

Kafin na fara sai da na je wajen malamin Islamiyyarmu, don na san maganar tana da nauyi a addini. Ya ce rage gira a sirantar da ita bai halatta ba, amma gashin da ya fito tsakanin gira biyu, a saman karan hanci, malamai da yawa ba sa lissafa shi cikin gira. Na riƙe wannan. Madam ma, duk da ba addininmu ɗaya ba, nan ta tsaya. Takan ce layin da mutum ya zo da shi duniya shi ne nasa, aikinmu share ciyawar da ta fito a bakin kunyar gona. Ta koya mini awo: a ɗora tsinken tsintsiya a tsaye daga gefen hanci, ya bi ta ƙuryar ido ya hau sama. Inda ya taɓa, nan gira ta fara. Abin da ya faɗa tsakanin tsinke da tsinke, na cirewa ne.

Na ji daɗin tsinken nan, ba ƙarya. Ni mace ce mai son ƙa'ida, kuma ina da taurin kai. In yarinya ta zo tana so na mayar mata da gira kamar zaren da ke hannuna, sai na ce ga reza can a kanti, ta je ta yi da kanta.

Maza ma suna zuwa, amma ba da rana tsaka ba, kuma ba bare ba. 'Ya'yan yayyena ne da ƙannena na ɗaki, masu haɗaɗɗiyar gira. Wanzami yakan sa musu aska a tsakiya, kwana uku ya dawo tsiri-tsiri yana ƙaiƙayi. Na zare kuwa yakan kai wata. Kowa in ya zo sai ya ce wai wucewa yake yi ya leƙo, kuma kowa sai ya roƙe ni kada na gaya wa ɗan'uwansa.

Auta shi ne na ƙarshen zuwa. Ya kusa talatin a lokacin, yana neman wata yarinya a Bunkure, kuma ƙawayenta sun sa shi a gaba, wai girar nan ta sa kullum fuskarsa kamar an yi masa laifi. Ranar ya dawo daga ɗibar tumatir, hannunsa duk kore, ya yi ta zagaye-zagaye a tsakar gida har na gaji na tambaye shi ko kuɗinsa ne ya faɗi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce gobe zai je zance.

Na tuna da Inna, kada a ce ban tuna ba. Na ce masa girar ba zan taɓa ta ba, tsakiya kawai zan share, abin da Inna take shafawa yana nan. Ya ce shi ma iyakar abin da yake so ke nan.

Na zaunar da shi a kan turmi a bayan ɗaki, inda hasken la'asar yake da kyau. Na sa ya wanke fuska, na shafa masa hoda don zare ba ya kama gashi mai gumi. Na taje girar sama da tsohon buroshi, na datse dogaye biyu-uku da almakashi. Na ce ya ja fatar goshinsa sama da hannu ɗaya, ya danne fatar ido da ɗayan, don in fata ta saki zare cizonta yake yi. Sannan na ɗora tsinke.

A dama komai ya tafi daidai. A hagu kuwa, daidai inda girar ta fara, akwai wasu gashi kamar bakwai ko takwas da suka ƙi kwanciya. Sauran duk sun nufi kunne, su sun miƙe tsaye sun ɗan karkata wajen hanci. Tsinke ya nuna suna waje, da ƙyar, amma suna waje. Na tsaya na dube su. Raina ya ɗan ja, amma na ce ai ƙa'ida ƙa'ida ce, in na bar su hagu za ta fi dama tsawo. Na bi tsakiya da zare, Auta yana hawaye yana atishawa yana rantsuwa ba zafi. Waɗannan tsayayyun kuma na sa hantsaki na cire su ɗaya bayan ɗaya, ina ja ta inda suka fuskanta don kada su karye. Na ɗebo ruwan randa na danna masa a wurin. Ya duba madubi ya yi ta murmushi. Aiki ya yi kyau, har yau ina faɗa, fuskar namiji ce sak, ba wanda zai ce an taɓa.

Washegari ina wanke-wanke ya durƙusa gaban Inna. Yatsanta ya taso daga dama, ya wuce tsakiya bai damu ba, ya zo farkon hagu ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake dawowa. Ta yi ta laluben ɗan wurin nan kamar mai neman allura a tabarma.

"Auta, ina suka tafi?"

Ya ce, "Me, Inna?"

"Na nan wurin. Masu tsayuwa."

Ni na amsa. Na ce ni na cire, sun fita daga layi ne. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce shekara talatin da wani abu tana kwantar wa Malam, wato Baba, da su da yawu in zai tafi masallacin Juma'a, kafin ya kai zaure sun miƙe. Ta ce cikin 'ya'yanta tara Auta kaɗai ya zo da su. Sannan ta janye hannunta ta sa masa albarka kamar kullum.

Ashe duk shekarun nan ba girar take bi ba, hanya ce kawai zuwa wurin. Ni da nake da ido biyu, da tsinke, ban taɓa lura ba. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ranar na hau acaɓa zuwa Kura. Na ba Madam labari, na tambaye ta ko za su dawo. Ta ce gashin da aka tumɓuke sau ɗaya yawanci yana dawowa, sati huɗu zuwa takwas, wani ya fi haka. Wanda ake ta fisga shekara da shekaru ne yake yin fushi ya ƙi fitowa. Na ce to za su fito a tsaye kamar da? Ta ce saiwar ce take nuna musu hanya, in ban ɓata ta ba za su bi. Ta ce kada a shafa komai, kada a sosa, a bar su. Da na ce ai tsinke ne ya nuna, sai ta harare ni ta ce tsinken ya san babanku ne?

Muka shiga jira. Aka gama ɗibar tumatir, aka fara gyaran gonakin shinkafa. Inna ba ta sake tayar da maganar ba, amma kowace safiya yatsanta yana zuwa wurin, ya tsaya, ya koma. Ni kuma kullum sai na sami abin yi kusa da ƙofarta a wannan lokacin. Tsakiyar girar ta fara dawowa a sati na huɗu, wadda ba wanda ya tambaye ta. Auta ya ce na bar ta, yarinyar Bunkure in tana so ta so shi haka. Ta kuwa so shi, yanzu 'ya'yansu biyar. Amma farkon hagu shiru, fata sumul. Nakan tare shi a zaure na juya fuskarsa wajen haske, har ya fara guduna.

A sati na bakwai na ga ɗigo-ɗigo baƙi, guda biyar. Ban gaya wa kowa ba, don ban san ta ina za su fuskanta ba.

Bayan kamar kwana goma, da safe, ina tankaɗe a ƙofar ɗakin, Auta ya durƙusa. Yatsan Inna ya zo wurin ya tsaya. Ta ɗan goga shi sama, ta goga ƙasa. Sai na ga ta kai yatsan bakinta ta jiƙa shi da yawu, ta danna su ta kwantar. Ta ɗaga, ta jira kaɗan, ta sake taɓawa. Sun miƙe.

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda rabona da ji tun Baba yana da rai.

"Malam," in ji ta, "har yanzu ba ka jin magana."

Auta bai motsa ba, ni ma ban motsa ba. Ranar sai da rana ta ɗaga sosai kafin ya tafi gona, don Inna ba ta saki fuskarsa da wuri ba.