Malam Tagwai da Jirgin Angelina

Duk wanda ya yi makarantar mishan a Kafanchan a zamanin Malam Tagwai ya taɓa zama jirgin ƙasa. Ranar lissafin gudu malamin ba ya taɓa alli. Fili yake fitar da yara, ya jera su kowa riƙe da rigar na gabansa, su wuce sandar tuta suna huci.

"Sanda ba ta da tsawo," haka yake musu tsawa. "Tsawon jirgi kaɗai za ku raba da gudunsa. In jirage biyu ne suka fuskanci juna, ku haɗa tsawo, ku haɗa gudu. In hanyarsu ɗaya, ku debe ƙaramin gudu daga babba."

Mutum ne mai kirki, amma taurin kansa ya fi ƙarfen dogo. Da 'yarsa tilo, Angelina, ta bar kwalejin horon malamai ta auri soja, ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Shekaru suka wuce yana cika yana batsewa, alhali kowa ya san kewarta na cinsa. Matarsa Afiniki ta sha kama shi yana goge hoton yarinyar da bakin riga.

A daminar 1974 aka yi wa mijin canji daga Inugu zuwa Kano. Labari ya zo cewa ranar Alhamis Angelina za ta ratsa Kafanchan a jirgin Kano da jaririnta. Malam, wanda ya je Kaduna gyaran takardun jarrabawa, ya ce shi babu ruwansa. Amma ranar Alhamis ɗin ya kamo jirgin gida, har da sabon askinsa.

Jirgin ya makara. Suna dab da shiga tasha sai gadin jirgin, Kumai, tsohon ɗalibinsa, ya leƙa waje ya ce, "Tica, ga na Kano can ya fara motsi. Yana lallaɓowa ne bakin layi, mu wuce ya fita."

Malam ya tambaye shi, "Tsawonsa nawa?"

"Zai yi yadi ɗari biyu da hamsin. Namu ɗari da hamsin."

"Gudu fa?"

"Mu kamar yadi uku a sakan, su biyu."

Nan take ya buga: yadi ɗari huɗu a raba da biyar, sakan tamanin. Ya sauke ajiyar zuciya. Sakan tamanin ai ya ishi uba ya sauko daga fushinsa da mutunci, ya yi ɗan wa'azi, sannan ya yafe. Ya gyara kwala ya tsaya a taga.

Taragai suka soma giftawa. Sai ga Angelina a taga, ta rame kaɗan, da yaro a kafaɗa.

"Baba!"

Ya buɗe baki, "Angelina, ko da yake abin da kika yi..." Tagar ta riga ta wuce.

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi lokaci guda. Sakan tamanin na jirage ne, daga haɗuwar kawunansu zuwa rabuwar wutsiyoyinsu. Shi da 'yarsa ba su da tsawon da za a haɗa, kowannensu sanda ne. Kuskuren da yake jan kunnen yara a kansa, shi ya tafka da furfurarsa.

Amma kan bai daina aiki ba. Ya ture wani mai kwandon citta, ya dira daga matakala, ya yi tangal-tangal, Kumai na ihu, "Tica! Jakarka!" Ya juya ya bi jirgin Kano. Tagar ta ba shi rata kamar yadi talatin. In ya yi huɗu a sakan, jirgi na biyu, yana cin yadi biyu kowane sakan, goma sha biyar sun isa. Mutumin da bai taɓa sauri ko ruwa na dukansa ba, sai ga shi yana falfala gudu a kan tsakuwa, tumbi na rawa, masu tallan ayaba na shewa.

Ya kamo tagar, ya rage sauri daidai da na jirgi. Sai ta tsaya cak a gefensa kamar tagar ɗaki. Angelina tana kuka tana dariya. Ta ɗago yaron, Malam ya miƙa hannu ya taɓa 'yar ƙafarsa mai ɗumi.

Wa'azin da ya shirya duk ya gudu, numfashin ma da ƙyar. Jirgi ya yi kuka, ya soma ƙara wuta, tagar ta fara zame masa.

"Kirsimeti," ya ce yana haki. "Ki zo gida."

"Ni da yaro, Baba?"

Ya ƙara taku biyu, ƙafafu suka ƙi. Ya tattara sauran iskar da ke ƙirjinsa ya ɗaga murya yadda duk tashar ta ji.

"Har da sojan!"