Kore Aka Ba Babana

A amalanke na kai babana asibitin Mayahi, tun daga gona yake dafe da ƙirji. A bangon sashen gaggawa akwai allon launuka: ja a duba nan take, ruwan lemu cikin minti goma, ruwan ɗorawa awa guda, kore awa huɗu.

Majo, ma'aikacin jinya, ya auna shi, ya tambayi jikin. Baba ya sauke hannu ya ce, "Da sauƙi, gajiya ce." Dattijon Bahaushe ba ya raki gaban ɗiyarsa. Aka ba shi kore.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya: "Wallahi ƙirjinsa ne, har hannun hagu!" Majo ya zabura, ya maida shi ruwan lemu.

Ana tura shi ciki, zufa na karyo masa, ya harare ni. "Kin ƙaryata ni cikin mutane."

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.